Ku daina tura kuɗi kan kayan da ba ku gani ba

Assalamu alaikum ƙannena, samari da 'yan matan Damagaram. Shekaranjiya da la'asar wani yaron unguwarmu ya same ni ƙofar gida, ido ya yi ja, ya miƙo mini salularsa ya ce, "Yaya, duba mini, ko layin ne ba kyau." Layi lafiyarsa lau, toshe shi aka yi. Jika 33 ya tura wa mutumin da bai taɓa gani ba don ya yi wa yarinyar da zai aura kyautar shadda. Har yanzu raina a ɓace yake, domin wannan ɗabi'a ta biya tukuna a ga kaya daga baya ta zama ruwan dare a cikinku.

Ga yadda aka yi da shi. Ya fara zuwa Kasuwar Dole, aka ce masa shaddar da yake so jika 55 ce. Da dare yana latse-latse ya ci karo da wani shafi a Facebook mai sunan wata Hajiya, wai shagonta na Yamai, kayanta daga Dubai, ga irin shaddar nan jika 25. Ya yi magana ta WhatsApp, aka amsa nan take da addu'o'i da "ɗana" da "Allah ya sa albarka a auren." Sai aka ce saura biyu kacal, wata ma tana kan hanyar biya. Ya ruga ya tura. Washegari aka aiko masa hoton wani ƙunshi da sunansa a jiki, aka ce 'yan duwan sun riƙe kaya, sai ya ƙaro jika 8. Ya ƙara. Da aka sake neman jika 5 na wai inshora ya ce babu, shi ke nan hoton Hajiya ya ɓace.

To don Allah, ɗan kasuwar da ke zaune a rumfa shekara da shekaru bai san inda ake saro shadda ba ne? In akwai inda ake samunta ƙasa da rabin kuɗi, da shi zai riga ka kwashewa. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma araha ba ta ado. Farashin nan kaɗai ya isa ya tsayar da mai hankali, amma kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Kai da ba ka sayen tumatir na dala ashirin sai ka juya shi ka latsa, yau ka ɗauki gumin wata guda na kabu-kabu ka miƙa wa hoto.

Batun duwan ɗin ne ya fi ba ni haushi. Kayan da aka ce suna shago a Yamai, za a sa su a bas zuwa Damagaram, wace iyaka suka ƙetare? Kuma yaushe ma'aikatar gwamnati ta fara karɓar haƙƙinta ta lambar salular wani, ba takarda ba hatimi? Kuɗin na biyu shi ne ainihin tarkon. Sun san wanda ya riga ya zuba jika 25 ba zai so ta tafi a banza ba, sai ya bi ta da 8, ya bi 8 da 5. Duk sanda aka ce ka ƙaro wani abu da ba a ambata ba lokacin ciniki, ka sani ba kaya a ko'ina.

Da na karɓi salular na duba, alamun a fili suke. Shafi na Hajiya ne, amma sunan da aka ba shi ya tura wa kuɗi na namiji ne, an ce wai yaron shago. Lambar da suke magana da ita ba ta fara da +227 ba, ta wata ƙasa ce, alhali shago wai yana Yamai. Na shiga wurin da Facebook ke kira Transparence de la Page, inda ake ganin ranar da aka buɗe shafi da sunayen da ya taɓa ɗauka: bai cika wata biyu ba, kuma da can da wani suna yake. Masu yabo a ƙarƙashin hotuna duk bakinsu ɗaya, "na samu saƙona, na gode Hajiya," ba ko mutum ɗaya da ya ɗora hoton abin da ya samu. Hoton shaddar kuwa na sa shi a Google Lens, sai ga shi a shafukan wasu ƙasashe, satowa aka yi. Duk binciken nan bai kai tsawon shan shayi na fari ba. Ku da kuke kwana kan TikTok kuna kallon rawa da zage-zage har asuba ta kuɓuce muku, wannan ɗan lokacin ne kuka rasa?

Na tambaye shi ko ya ce a kira shi da bidiyo ya ga shagon. Ya ce ya nema, aka ce Hajiya ba ta nuna fuska. Wa ya ce fuskarta ake so? A juya kyamara kan kaya, a buɗe shaddar, a faɗi sunanka kana ji. Mai kaya na gaskiya murna yake a gani, gani ya kori ji. Kuma wane ɗan Damagaram ne ba shi da ɗan'uwa ko aboki a Yamai, ko Maraɗi, ko Kano, da zai taka ya leƙa shagon? Amma a'a, ana ɓoyewa, wai kyautar bazata ce, kada kowa ya sani. Wannan bazatar ma sabon salo ne da ya shigo mana, kyauta ta koma abin ɗauka a bidiyo don a burge ƙawaye. Ɓarawo kuwa ba abin da yake so kamar mai ciniki a ɓoye cikin gaggawa.

'Yan mata, ku ma ba ku tsira ba. Kuɗin adashi ake kwashewa a tura don turare da jaka da takalmin bikin ƙawa. Wata kayan sun zo mata, amma atamfar roba ce maimakon wadda ta gani. Ta yi magana aka ce haske ne na hoto. Wa za ta kama? Cinikin biri a sama ta yi, ta biya duka tun kafin a ɗaure ƙunshi. In mai kaya ya ƙi yarda a biya idan saƙo ya iso, ko a damƙa kuɗin hannun wani amintacce, me ya hana ki haƙura?

Ku kuma masu wannan sana'a, in kuna karantawa, Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Kuna cin kuɗin marayu da na masu neman aure da kalmar "in sha Allahu" a bakinku. Akwai ranar hisabi.

Abin da ke ƙara musu ƙarfi shi ne shirunku. An cuce ka, kunya ta sa ka goge hirar, ka yar da takardar tura kuɗin, alhali su ne shaidarka. Tun 2019 Nijar na da dokar laifukan intanet, kuma komisariya a buɗe take. Ko kuɗin bai dawo ba, ka faɗa wa na kusa da kai don kada shafin ya ci wani gobe.

Wallahi ina tuna yadda iyayenmu ke ciniki a garin nan. Baƙon ɗan kasuwa ba ya sayar da komai sai ta hannun mai masaukinsa, kuma in kaya suka fito da aibi, ƙofar mai masaukin ake bugawa. Dillaliya ta san gidanku, kun san nata, ta kawo zane ta bari ya kwana a duba shi. Wanda zai yi wa budurwa toshi sai ya gaya wa gwaggonsa ko yayarsa, su je kasuwa tare su zaɓa, su taya, su yi ragi. In Kano za a yi saƙo, ana ba wanda aka san ubansa da kakansa. Yanzu yaro na jin nauyin tambayar yayarsa da ke ɗaki ɗaya da shi, amma yana kiran baƙuwar lamba "Mama" yana tura mata kuɗi cikin dare.