Kwacen waya a bakin kasuwa: ba lalacewar tarbiyya ce kaɗai ba

Duk lokacin da aka yi maganar kwacen waya a Kano sai ka ji an ce yara sun lalace, ƙwaya ce, rashin aikin yi ne. Ban ƙi ba. Amma ni abin da yake min yawo a kai shi ne, ai ɓata-gari ba yau aka fara su ba, tun muna yara akwai ƴan sane a Sabon Gari da Kwari, to me ya sa yanzu abin ya yi ƙamari haka?

Akwai wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Lawrence Cohen da Marcus Felson, a 1979 suka yi wani bayani da nake ganin ya zauna daram a kan matsalarmu. Sun duba yadda sata ta ƙaru a ƙasarsu bayan yaƙin duniya na biyu alhali lokacin arziki ƙaruwa yake yi, sai suka ce a duba yadda zirga-zirgar mutane ta yau da kullum ta canza. A cewarsu laifi ba ya faruwa sai abu uku sun haɗu a wuri ɗaya lokaci ɗaya: mai niyyar ɓarna, abin da ya dace a ɗauka, da rashin wanda zai iya hanawa. Har misali suka kawo da talabijin, mafi sauƙin nauyi a wani kundin tallar kaya a 1960 ta kai kusan kilo 17, zuwa 1970 ta dawo kusan kilo 7, ka ga ɓarawo ya samu sauƙin ɗauka kenan.

To ɗora wannan a kan waya. Ga tsada, ga ba nauyi, ga ta a fili kowa na gani, kuma ana rabuwa da ita a ranar, in ba a sayar da ita ɗungurungum ba a farke ta a sayar da sikirin da batir. Sannan in layin cikinta shi ne na banki, wani lokacin abin da za a kwashe a asusu ya fi kuɗin wayar.

Amma babban abin da ya canza a ganina shi ne tiransifa. Da, mutum zai shiga Kwari kuɗinsa na can ƙulle a aljihun ciki, wayar ma ba ya fito da ita sai an kira. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kowa ya koma biya ta waya. Ɗauki Hajiya da ta zo sayen atamfa, ta ciro waya ta tura kuɗi, netiwok ya tsaya, mai shago ya ce Hajiya alat bai shigo ba a ɗan jira, tana tsaye minti biyar ko goma waya a hannu, duk wanda ya wuce ya ga irin wayar kuma ya ga jakar da ta mayar da ita. Ta yi haka a shago uku ko huɗu. Da yamma ta fito titi, leda a hannu biyu, ta sake ciro wayar tana kiran gida tana cinikin adaidaita. Nan ne ake fizgewa.

Kuma ku lura, cikin layin kasuwa ba kasafai ake kwace da ƙarfi ba, can sai dai sane, saboda ƴan shago sun san juna, ihu ɗaya an rufe layin. Su ne masu tsaron da Cohen da Felson ke nufi, ba lallai sai ɗan sanda ba. Bakin titi kuwa ga ɗaruruwan mutane amma babu mai wurin, kowa sauri yake ya samu abin hawa kafin magariba, masu shago sun ja ƙofa sun tafi. Wannan cunkoson ma ɓarawon yake yi wa amfani, ya shige ciki ya ɓace.

Inda bayanin ya gaza, bai gaya maka me ya sa yaro ɗan shekara sha bakwai zai soka wa mutum wuƙa a kan waya ba, su sun ɗauka mai niyya kullum yana nan ne kawai. Kuma wuƙar nan tana kashe ƙarfin mai hanawa, mutum goma na kallo ba mai matsowa, ni ma wallahi ba zan ce zan matso ba. A 2023 gwamnatin Kano ta ce za a ɗauki kwacen waya a matsayin fashi da makami, ya yi kyau, sai dai wannan kan mai niyyar ɓarna kawai ya tsaya a cikin abu ukun nan.

Ni da za a tambaye ni, ƴan sintirin kasuwa da ake sallama in an rufe shaguna, a fito da su bakin titi inda ake lodi daga biyar zuwa bayan isha, a sa fitila a wurin. Masu sayen tsohuwar waya kuma ƙungiyarsu ta tilasta rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar da kowace waya ke da ita, da sunan wanda ya kawo. Kai ma danna *#06# yanzu ka rubuta taka a takarda ka ajiye a gida, sannan ka sa wa layinka fin, wato lambar sirri.