Mai a kan busasshen gashi ba ya hana shi karyewa

Da zarar hunturu ya kama a Garwa da Marwa, sai mata su ƙara yawan man da suke lafta wa kai, amma gashin bai fasa zuba a kan mataji ba. A ganina ba ƙarancin mai ne ya jawo haka ba, shafa shi ake yi ba a lokacinsa ba. Man kaɗanya da man riɗi ba su ɗauke da ruwa, aikinsu shi ne su tsare danshin da ya riga ya shiga silin gashi don kada iska ta kwashe shi da wuri. Wadda ta shafa su a kan busasshen gashi za ta ga ƙyalli, amma silin yana nan da taurinsa.

Irin gashinmu mai nannaɗewa ƙanana-ƙanana ya fi saurin bushewa, domin maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya iya bin lanƙwasar har ya kai ƙarshen sili, kuma kowace lanƙwasa wuri ne mai rauni. Shi ya sa bakin gashi yake fara tsinkewa.

Mu ɗauki wadda ta tsefe kitso bayan mako biyu. Kada ta sa mataji tukuna. Ta raba kan kashi shida, ta jiƙa kashi ɗaya da ruwan karkashi, wanda ake kira ambunu a Chadi, domin yauƙinsa yana sa sili ya zame daga jikin ɗan'uwansa, sannan ta warware da yatsu daga baki zuwa tushe. Bayan ta wanke ta ɗauraye, ta matse da tsumma mai laushi har ruwa ya daina ɗiga. Tun da sauran danshi za ta murza man kaɗanya kamar girman ƙwayar gyaɗa a tafin hannu har ya narke, ta shafa wa kashin, ta fi ba bakin gashi ƙarfi, ta kitse shi nan take kafin ta taɓa na gaba. A hunturu, bayan kwana biyu ko uku ta yayyafa ruwa a kan kitson, ta bi da mai kaɗan. Da dare kuma ɗankwalin satin ya fi na auduga, wanda yake tsotse danshi.

Ko shebe, garin gyaran gashi da matan Chadi suka shahara da shi, a jiƙaƙƙen gashi ake shafa shi haɗe da mai, a kitse, kuma ba a kai shi fatar kai. Tsawon da ake gani ya samu ne saboda gashin ya daina karyewa.

'Yar'uwa, duba abin da ya zuba. Dogon sili mai ɗan farin ɗigo a gindinsa ya faɗi ne da kansa, wannan ba abin damuwa ba ne. Guntaye marasa ɗigo su ne karyewa. Idan kuma gashin yana danƙo, ruwa yana gangarewa a kansa bai shiga ba, mai ne ya taru, sai a wanke da sabulun gashi kafin a sake jiƙawa.