Ku nemi inda marubutan suka saɓa kafin ku zana tsarin amsa

'Yan'uwana ɗalibai, musamman ƙannena da ke karatun tarihi a jami'o'in Ngaundere da Marwa da Garwa, akwai wani hali da nake so mu daina. Malami zai ba mu karatu uku ko huɗu a zangon karatu, mu haddace su ɗaya bayan ɗaya, ranar jarrabawa kuma mu juye su a takarda yadda suka shiga kanmu: wane ya ce kaza, wane ma ya ce kaza. Mu cika shafi shida, mu fito muna murna, sakamako ya zo mu ga 7 bisa 20 mu ce malami ya zalunce mu. Bai zalunce mu ba. Tambaya ya yi, mu kuma muka ba shi taƙaitaccen bayanin abin da shi da kansa ya raba mana. Ya riga ya san abin da ke cikin takardun nan, abin da bai sani ba shi ne matsayarka da kuma yadda za ka kare ta.

Bari mu ɗauki tambaya guda mu bi ta har ƙarshe. A ce an rubuta a allo: "Mulkin mallaka ya karya ikon lamiɓe a arewacin Kamaru daga 1901 zuwa 1960. Tattauna." Lamiɓe dai jam'in lamiɗo ne, wato sarakunan Fulani na yankin. A ce kuma karatun da aka ba ku iri uku ne: rahoton wani jami'in Bature da ya yi mulki a yankin, tarihin baka da aka tattaro daga fada irin wanda Eldridge Mohammadou ya yi a masarautun arewa, sai maƙalar wani masanin tarihi da ya zo daga baya.

Aikin ba a ɗakin jarrabawa yake farawa ba. Tun kana karanta kowane ɗaya, ka ware masa rabin shafi, kada ka wuce haka. Ka rubuta da'awar marubucin a jimla ɗaya da bakinka. Ka ɗora hujja biyu ko uku da ya dogara da su, da shekara da wuri. Sannan ka rubuta abin da yawancinmu ba ma rubutawa: wane ne ke magana, kuma me yake da dalilin ɓoyewa? Jami'in Bature yana rubuta wa na gaba da shi ne, don haka zai nuna ƙasa ta kwanta, kowa na bin umarni. Mai ba da labari a fada ba zai so ya ce ubangidansa ya zama ɗan aike ba. Kuma dukansu biyu ba su cika jin ta bakin manomin da ke biyan haraji a gindin dutse ba. Idan ka jera rabin shafukan nan uku a gabanka, za ka ga inda suka yi karo da juna. Nan ne tambayar jarrabawa take fitowa, domin malami ba ya ce maka ka tattauna abin da kowa ya yarda da shi.

To, an raba takarda. Kafin ka taɓa alƙalami ka tsaya a kan "iko", domin lamiɗo ba iko ɗaya yake da shi ba. Akwai ikon da yake fuskantar waje: ya ɗaura yaƙi, ya kai hari, ya yi hulɗa da Yola wadda masarautun nan suke ƙarƙashinta tun zamanin Modibbo Adama. Akwai kuma ikon da yake fuskantar cikin gida: haraji, shari'a, naɗa masu unguwa da dagatai, rabon ƙasa. Wanda bai raba waɗannan biyun ba zai yi ta kai da komo, sakin layi ɗaya ya ce an karya, na gaba ya ce ba a karya ba, mai gyara ya rasa inda ya tsaya.

Yanzu ka rubuta matsayarka a takardar gwaji, jimla ɗaya. "Mulkin mallaka ya yi tasiri mai kyau da marar kyau ga lamiɓe" ba matsaya ba ce, domin babu mai hankalin da zai musa ta, kuma za ta dace da kowace tambaya a duniya. Gwajin mai sauƙi ne: shin abokin karatunka zai iya tashi ya ce "ban yarda ba", ya kuma kawo hujja daga karatun da aka ba ku? Idan ba zai iya ba, ba ka ce komai ba tukuna. Gwada wannan: "Turawa sun ƙwace wa lamiɓe 'yancin kansu, amma sun ƙarfafa riƙon da suke yi wa talakawa, domin ta hannunsu suka yi mulki." Wannan ana iya musa ta, saboda haka ana iya kare ta.

Kashi na farko na tsarin zai nuna abin da aka ƙwace. Hujjoji suna nan a karatunku. Ingilishi sun ci Yola a 1901, Jamusawa sun kama Ngaundere da Garwa a shekarar, aka yi gumurzu a Marwa a farkon 1902 inda aka karya rundunar da ke tare da Lamiɗo Zubairu na Yola. Sai dai kada ka jera shekarun nan ka wuce. Kowace hujja ka ɗaura mata "wannan ya nuna cewa". Faɗuwar Yola a hannun wata ƙasa, su Garwa kuma a hannun wata, ya nuna an yanke igiyar da ta haɗa masarautun da cibiyarsu: daga nan wanda ke tabbatar da lamiɗo a kan gado ko ya tuɓe shi Bature ne. Shekara kaɗai ba ta kawo maki, abin da ka sa ta tabbatar shi ke kawowa. Hujja biyu da aka yi wa bayani sun fi bakwai da aka zuba a jere.

Kashi na biyu shi ne zuciyar matsayarka: Jamusawa ba su da isassun ma'aikata, suka bar lamiɓe suna tafiyar da jama'a, har bindigarsu ta taimaka wa wasu wajen danne ƙabilun da a da suka gagare su. Faransawa da suka karɓi ƙasar bayan faɗuwar Garwa a 1915 da Mora a 1916 sun ci gaba da karɓar haraji da neman 'yan aikin tilas ta hannun sarakuna.

A nan ne mafi yawanmu muke faɗuwa, wato wajen kawo hujjar abokin hamayya. Mun saba da tez da antitez da santez tun daga lise, har abin ya zama al'ada marar rai: a ce "e" a shafi biyu, a ce "a'a" a shafi biyu, a rufe da "gaskiya tana tsakiya". Wasu kuma wayo suke yi, su ƙirƙiro suka mai rauni don su ji daɗin kayar da ita, kamar mai kokawa da ya zaɓi ƙaramin yaro a fage. Mai gyara ya karanta takardun da ka karanta, ya san hujjar da ka tsallake. Don haka ka nemo wadda ta fi ba ka tsoro. A tambayarmu ita ce wannan: Faransawa sun yi ta cire al'ummomin da ba Musulmi ba daga ƙarƙashin lamiɓe suna naɗa musu sarakunansu, kamar yadda aka raba ƙabilar Gbaya da masarautar Ngaundere. Lamiɗon da aka rage masa ƙasa da masu biyan haraji, ta yaya za ka ce riƙonsa ya ƙaru?

Kada ka share wannan da "amma duk da haka". Ka faɗe ta da ƙarfinta, yadda marubucin da ya kawo ta zai ji ya ce e, haka nake nufi. Sannan ka auna: ta rushe matsayarka ne gaba ɗaya, ko iyaka ta sa mata? Idan ka duba, ta fi shafar zamanin Faransa fiye da na Jamus, kuma ta fi shafar gefen masarautu fiye da tsakiyarsu. Ga kuma lamiɗon Rai Buba, wanda aka bar masa cin gashin kai mai faɗi, yana nuna abin bai tafi bai ɗaya ko'ina ba. To sai ka koma kan jimlarka ta farko ka gyara ta: "Turawa sun ƙwace wa lamiɓe 'yancin kansu, a cikin gida kuwa sun ƙarfafa riƙonsu a zamanin Jamus, Faransa ta rage faɗin ƙasarsu amma ta ci gaba da dogaro da su a kan waɗanda suka rage, kuma abin ya bambanta daga masarauta zuwa masarauta." Wannan gyararriyar jimla ita ce kashinka na uku, ita za ka sanar a gabatarwa. Shi ya sa ba a rubuta gabatarwa kafin a gama tsari. Idan suka ta zo ta wuce matsayarka ba ta motsa ko da kalma ɗaya ba, ka zargi kanka, wataƙila mai rauni ka zaɓa. Wani lokaci ma sukar za ta fi matsayarka ƙarfi. Babu kunya, a takardar gwaji kake, ka sauya sheƙa tun ba ka fara kwafa ba.

Wani tarko kuma: akwai wanda ya haddace dokar 15 ga Yuli 1977 da ta mayar da sarakunan gargajiya mataimakan hukuma, zuciyarsa na gaya masa lallai sai ya yi amfani da ita tunda ya sha wahalar haddacewa. Tambayar ta tsaya a 1960. Dokar nan ba ta tabbatar da komai game da zamanin mallaka. In za ta shiga, jimla ɗaya ce a ƙarshe. Haka ma tarihin jihadi tun daga 1804, layi biyu ya ishe shi, ba shafi ba. Abin da ka sani amma bai amsa tambaya ba, ka bar shi a kanka.

Idan an ba ka awa 3, ka ba wa tsarin minti 35 zuwa 40, ko da maƙwabcinka ya fara cika shafi tun minti na biyar. Tsarin duka kada ya wuce shafi ɗaya: matsaya a sama, kashi uku a ƙasa, kowane kashi da jimlar da'awarsa cikakkiya, da hujja biyu, da sunan karatun da ka ciro kowace a gefe. Kanu irin "Zamanin Jamus" ko "Tattalin arziki" ba da'awa ba ne, aljihu ne kawai da za ka cusa duk abin da ka tuna. Idan ba ka tabbata da ainihin kalmomin marubuci ba, kada ka sa su cikin alamar buɗe magana da rufewa, faɗi ma'anar da bakinka ka jingina masa.

Kafin ka fara kwafa a takardar amsa, rufe hujjojin da hannunka ka karanta jimlolin da'awa uku kaɗai a jere. Ya kamata su amsa tambayar su kaɗai, ta biyu ta taso daga ta farko, ta uku ta zama dole saboda sukar da ka kawo. Sai ka gwada musanya wurin kashi na ɗaya da na uku. Idan ka musanya kuma babu abin da ya lalace, jeri ka yi ba muhawara ba, ka ƙara minti biyar ka sake ɗaura su. Sannan ka duba sunayen da ke gefe: idan duk hujjojin kashi ɗaya daga marubuci ɗaya suka fito, na biyu daga wani, ka koma wa tsohon halin nan na taƙaita karatu ɗaya bayan ɗaya, sai ka nemo aƙalla wuri guda da za ka sa rahoton Bature da labarin fada su fuskanci juna a sakin layi ɗaya.