Wayar da ta kunyata ni a gaban Kawu

Shekara nawa ina ja wa mutane wayar intanet a ofisoshi, amma ranar da na zo ja wa gidanmu sai na sayi kaya da ido rufe. Mita 30 nake buƙata daga rautar falo, wato na'urar da ke raba intanet a gida, zuwa ɗakin ƙanena Abba. Mai shago ya nuna mini kwali an rubuta CAT6 ɓaro-ɓaro, kuɗin kuma ƙasa da yadda na saba saya. Na biya ina murna na yi wa ɗan kasuwa wayo.

Kawu ne ya riƙe mini tsani. Kun san Kawu. Tun ina cikin silin da zafin azahar nake yi masa lacca daga sama. Na ce masa wannan lambar da ke bayan CAT ita ce ajin waya. CAT5 tsohon yayi ne, megabit 100 aka yi shi dominsa. CAT5e yana ɗaukar gigabit 1, wato megabit 1000, har tsawon mita 100. CAT6 ma gigabit 1 ne a wannan tsawon, sai dai yana iya kai gigabit 10 idan bai wuce kamar mita 55 ba. Mai son gigabit 10 har mita 100 sai ya nemi CAT6A. Kawu ya ce, "To, Injiniya." Da gatse ya faɗa, amma na yi kamar ban ji ba.

Na sauko, na matse kawunan RJ45, wato 'yan filogin da ake sa wa a bakin wayar, na jona. Kwamfutar Abba ta nuna `100 Mbps`.

Ga wanda bai sani ba, wannan lambar tana da ma'ana. A cikin rigar wayar akwai siraran wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu. Gigabit sai dukansu takwas sun yi aiki. Megabit 100 kuwa huɗu kawai yake bi, wato na 1, 2, 3 da 6. Saboda haka idan ɗaya daga cikin sauran huɗun ta katse, intanet ba zai ɗauke ba, zai dai sauko 100 ya yi shiru abinsa. Na sa testa, na'urar gwaji mai fitila ɗaya ga kowace waya: fitila ta 7 ba ta kama ba. Na yanke kan, na sake matsewa. Yanzu kuma ta 4. Na sake. Kawunan RJ45 shida na lalata, duk wanda na jefar sai Kawu ya ƙirga da ƙarfi.

Sai Abba, yaron da jiya-jiya nake saya wa alewa, ya ɗauki guntun da na yanke ya kai bakin taga. Ya ce, "Yaya, mene ne CCA?"

Na karɓa. Ga shi nan a jikin robar, ana maimaita shi kowace mita: `CAT.6 UTP 4PR 23AWG CCA`. UTP na nufin ba ta da rufin kariya na ƙarfe, kuma hakan ya wadatar a gida. 4PR shi ne tagwaye huɗun nan. 23AWG kaurin kowace waya ne, kuma a wannan ma'aunin ƙaramar lamba ita ce mai kauri, 23 ta fi 24. Haruffa ukun ƙarshen su ne suka kashe ni: alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a baya. Yana da gautsi, shi ya sa yake karyewa a inda aka lanƙwasa shi ko aka matse. Yana kuma tauye wuta fiye da jan ƙarfe, don haka kyamarar tsaro mai cin wuta ta cikin wayar tana iya riƙa mutuwa tana farfaɗowa. A ƙa'ida ma irin wannan ba ta cancanci sunan CAT6 ba ko kaɗan.

Na ce wataƙila kuskuren bugu ne. Kawu ya zaro reza daga aljihu (har yau ban san me yake yi da reza a aljihu ba), ya kankare waya ɗaya. Fari tas a ciki. Ya ɗaga ta sama yana nuna wa Umma da ta leƙo, yana cewa, "Hajiya, zo ki ga gigabit." Wannan gwajin rezar ya ma fi karatun amfani, don masu yin irin wannan waya ba kullum suke rubuta CCA ba.

Washegari na koma wani shago na sayi CAT5e ta jan ƙarfe zalla, 24AWG, na kankare ta a gaban mai shagon. Ya so ya tura mini wata mai CAT7, na ce rautar gida gigabit 1 ce iyakarta, me zan yi da ita. Matsa ɗaya, fitilu takwas suka kama, kwamfuta ta nuna `1.0 Gbps`.

Kawu ba ya nan lokacin. Tsohuwar wayar kuma ya tafi da ita, wai igiyar shanya. Ya ce ita ma ta tsinke.