Jimla ta daidaita, amma ajiyar wa aka taɓa?

Duk lokacin da babban taron shekara na ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata ya zagayo, abu guda ne ke ɓata mini rai. Mai binciken kuɗi zai miƙe, ya karanta shafi biyu, ya ce abin da ke babban littafi ya yi daidai da abin da ke banki. A yi tafi, a wuce zuwa maganar rabon riba da shinkafar azumi. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta Najeriya ta 1993 ta wajabta a binciki asusun kowace ƙungiya mai rajista duk shekara, amma a wurare da yawa an mayar da binciken haɗa jimla kawai. Ni kuwa ina cewa binciken da ya fara daga littafin ma'aji ya ƙare a littafin ma'aji bai binciki komai ba, domin ɓarnar da ta fi cin ƙungiya ba ta taɓa jimla ko kaɗan.

Mu ɗauki misali. Ƙungiya ce mai mambobi 200, ana cire wa kowa naira 10,000 daga albashi duk wata, kuma ƙa'idarta ita ce mutum ba zai ranci fiye da ninki biyu na ajiyarsa ba. Akwai wani dattijo da ya tara 480,000 cikin shekara huɗu, aka yi masa canjin wurin aiki, ya daina leƙo ofis. Akwai kuma wani ɗan gaban goshin shugabanni da ya shiga wata 15 da suka wuce, ajiyarsa 150,000, iyakar rancensa 300,000. Sai mai riƙe da littafi ya zare 300,000 daga shafin dattijon ya zuba a shafin wancan. Nan take ajiyarsa ta zama 450,000, aka ba shi rancen 900,000. Jimlar ajiyar mambobi ba ta ragu da ko kwabo ba, takardar banki ma ta yi daidai. Mai binciken da ya tsaya a jimla zai sa hannu da zuciya ɗaya, alhali an ci amanar mutum guda an kuma jefa kuɗin sauran cikin haɗari.

Kama wannan ba ya buƙatar wani dogon ilimi, sai dai a fara daga waje. A karɓo jadawalin cire kuɗi kai tsaye daga sashen albashi, ba ta hannun sakatare ba, a ɗora shi kan shafin mamba wata bayan wata. Wata 15 sau 10,000 ba za su taɓa ba da 450,000 ba. Ragowar 300,000 dole ta zo da rasit ko shaidar shigarta banki, in babu su, an gano ramin. Sannan a kira mambobi da katin ajiyarsu a hannu, musamman waɗanda suka yi ritaya, da waɗanda aka mayar wani gari, da magadan mamata, domin shafin da mai shi ba ya dubawa shi ake fara lalubawa.

Fayil ɗin rancen ma yana magana ga mai son ji. A duba ranar da aka cike takardar neman rance, da ranar zaman kwamiti, da ranar da kuɗi suka bar banki. Idan kuɗin sun fita ranar 3 ga wata amma kwamiti ya zauna ranar 20, amincewar ta biyo baya ne don rufe baki. A tambayi masu tsaya wa mai rancen su biyu ido da ido ko sa hannunsu ne, a kuma ƙirga mutum nawa kowannensu ya riga ya tsaya wa. Biyan 900,000 cikin shekara yana nufin 75,000 duk wata kafin a sa kuɗin hidima. In albashinsa 120,000 ne, wane kwamiti ne ya ga haka ya yarda? Irin wannan rance shi ne bayan wata shida za a ga an ba shi sabo don a goge tsohon, ya fito a rahoto tsaf kamar ana biya.

Masu cewa mu duka 'yan'uwa ne, bai kamata a tuhumi juna ba, su je su faɗa wa dattijon ranar da ya zo karɓar kuɗinsa ya tarar da 180,000. Masu ganin kwamfuta ce magani kuwa, mutumin da ya iya canza shafi da biro ya fi iya canza shi da madannai, muddin shi kaɗai ke shigarwa kuma shi ke gyarawa.

Ya kamata ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai na kowace jiha ya daina karɓar rahoton da bai faɗi shafin mamba nawa aka gwada da takardar albashi ba. Rancen shugabanni da na 'yan kwamiti kuma a bi shi ɗaya bayan ɗaya, a karanta a gaban taro kafin a buɗe maganar riba.