Giɓin farashin USDT ba riba ba ne

A Maradi ina yawan jin samari suna cewa in USDT, kuɗin kirifto da darajarsa ke bin dalar Amurka, ya fi tsada a wata manhaja, sai ka saya a mai araha ka sayar a can. Giɓin kam akwai shi. Amma a ce ka sayi USDT 100 a kan sefa 600 kowanne, can kuma 606 ne. Ribar sefa 600 ke nan a ido. Kuɗin cirewa kaɗai, in USDT 1 ne, ya cinye ta, ba a ma zo kan kamashon saye da sayarwa ba.

Sannan kafin manhaja ta tabbatar da isowar kuɗin, mintuna sun wuce. Masu ajiya a manhajojin biyu tuni sun sayar, farashin ya daidaita.