Ajiyar da ba a taɓa maido da ita ba, zato ce kawai

A daren 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu a shafinsa, yana fama da rumbun bayanan kamfanin, wanda ke gudana a kan manhajar PostgreSQL. Saba biyu, wato manyan kwamfutoci, ke riƙe da rumbun: babbar da ake aiki da ita, da ta biyun da ke kwafe duk abin da ya shiga ta farko. Ta biyun ta gaza cim ma ta farko saboda nauyin aiki, sai aka yanke shawarar share ta a sake cika ta daga tushe. Cikon ya ƙi tafiya, dare ya yi nisa, injiniyan ya sake ba da umarnin share kundin bayanai yana zaton a kan saba ta biyu yake. Ashe a kan babbar yake. Kafin ya ankara ya tsayar da umarnin, bayanai kimanin gigabayit 300 sun tafi, abin da ya rage bai wuce gigabayit 4.5 ba.

Mutane sun fi son tsayawa a kan wannan kuskure, amma ni a ganina shi ne ɓangaren da ya fi ƙarancin darasi. Hannu yana zamewa, musamman na wanda ya gaji, kuma saboda haka ne ma ake yin ajiya. Abin da ya dace ya hana shugaban kowace ma'aikata barci shi ne abin da suka tarar da suka juya neman kwafin ajiyarsu.

A rubuce suna da hanyoyi har biyar na kare bayanan. Saba ta biyu babu komai a cikinta, tunda da hannunsu suka share ta. Hoton faifai, wato kwafin faifan gaba ɗaya, na dandalin Azure na Microsoft inda sabobinsu suke a lokacin, an kunna shi ga wasu sabobin amma ba a kunna wa na rumbun bayanai ba. Sai babban abin dogaronsu, wato kwafin da manhajar pg_dump ke ɗauka kowace rana ana tura shi ma'ajiyar S3 ta Amazon. Da suka buɗe ma'ajiyar, wayam.

Yadda hakan ta faru ya cancanci a bi shi a hankali, domin irinsa na iya faruwa a ko'ina. Rumbun yana kan PostgreSQL 9.6, amma na'urar da ke ɗaukar kwafin tana kiran pg_dump na 9.2. Ƙa'idar pg_dump kuwa ita ce ba ya yarda ya kwafi rumbun da ya fi shi sabunta. Kuskure yake nunawa ya tsaya. To haka ya riƙa yi kullum. An tsara cewa idan aikin ya gaza a aiko da imel, kuma ana aikowa, sai dai sabar da ke karɓar saƙonnin tana mayar da su saboda ba su cika sharaɗin tantancewa na DMARC ba. Kowace rana ajiya tana gazawa, kowace rana saƙon gargaɗi yana mutuwa a hanya, mutane kuma suna ɗaukar shirun a matsayin lafiya lau.

Abin da ya cece su sa'a ce. Kimanin sa'o'i shida kafin ɓarnar, an ɗauki hoton rumbun da hannu domin wani gwaji na daban a sabar gwaji. Da shi aka farfaɗo. Duk abin da aka shigar a rumbun cikin waɗannan sa'o'i ya tafi har abada: ayyuka kusan 5,000, sharhi kusan 5,000, da sababbin asusu kusan 700, bisa ƙiyasin kamfanin da kansa. A bayanin da suka wallafa daga baya sun tambayi kansu me ya sa ba a gwada ajiyar a kai a kai, suka kuma amsa cewa babu wanda aka ɗora wa alhakin gwadawar. Sun cancanci yabo da suka faɗi wannan a fili, har aikin farfaɗowar suka haska kai tsaye a YouTube.

Matsayina a nan shi ne: ma'aikatar da ba ta taɓa maido da bayananta daga ajiya ba, bai kamata ta rubuta a rahoto cewa tana da ajiya ba. Abin da take da shi manhaja ce da ake kyautata zaton tana aiki. Manomin da ya rufe rumbunsa tun kaka bai sake leƙawa ba, ba zai san aikin da gara ta yi masa ba sai ranar da yunwa ta sa ya buɗe. Kuma gwaji ɗaya tak, a kowace rana cikin kwanakin da ajiyar GitLab ke gazawa, da ya tona komai, domin matakin farko na gwajin shi ne a ɗauko fayil ɗin, fayil ɗin kuwa babu shi.

To yaya gwajin yake? A samu na'ura ta daban wadda ba ta da hanyar taɓa rumbun da ake aiki da shi. Wannan sharaɗi ne, don kada wajen gwaji a zuba tsofaffin bayanai a kan sababbi. A ɗauko kwafin daga ainihin inda ake ajiye shi, da kalmar sirri da makullin da za a yi amfani da su ranar bala'i. Idan an kulle kwafin da makulli, makullin kuma yana zaune ne a cikin sabar da ake tsoron ta mutu, a wannan matakin za a gane. Ga mai amfani da PostgreSQL, idan an ɗauki kwafin da `pg_dump -Fc`, aikin bai wuce haka ba:

```
createdb gwaji
pg_restore --exit-on-error -d gwaji ajiya.dump
psql -d gwaji -c "SELECT count(*), max(created_at) FROM orders;"
```

Layin tsakiya yana da sirri. Idan ba a sa `--exit-on-error` ba, pg_restore yakan tsallake kurakurai ya ci gaba, sai a ƙarshe ya faɗi adadinsu, mai gaggawa kuma ba ya karanta ƙarshe. Sau da yawa kuskuren farko da ake cin karo da shi na masu izini ne, domin pg_dump rumbu ɗaya yake kwafewa, ba ya ɗaukar sunayen masu izinin shiga. Waɗannan sai da `pg_dumpall --globals-only`. Gara a koyi wannan da rana tsaka ana shan shayi, da a koye shi ƙarfe biyun dare wayar oga tana ta shigowa.

Layi na uku shi ne ainihin gwajin. A sa sunan teburin da ya fi muhimmanci a wurin `orders`, da sunan gurbin da ke riƙe lokacin shigarwa a wurin `created_at`, a ga layuka nawa ne, a kuma ga yaushe aka shigar da na ƙarshe. Idan rumbun gaske yana da layi 48,000 na ciniki, wanda aka maido kuma yana da 47,900, na ƙarshensu na daren jiya, to daidai ne, bambancin cinikin safiyar yau ne. Idan kuwa na ƙarshen na watan da ya wuce ne, ajiyar ta tsaya tuntuni ko kuma wani tsohon rumbu ake ta kwafewa. Bayan nan a haɗa manhajar ma'aikatar da rumbun da aka maido, a kira mai aiki da ita kullum, akanta ko mai rajista, ya buɗe rasit ɗin da ya sani ko fayil ɗin da ya shigar jiya. Shi ne zai lura cewa sunaye sun dawo amma hotunan takardu ba su dawo ba, saboda suna wani kundi da ba a taɓa sa shi cikin ajiya ba.

Akwai kuma agogo, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. Ko bayan GitLab sun sami kwafin da zai yi aiki, kwaso shi daga sabar gwaji zuwa ta aiki ya ci kimanin sa'o'i 18, saboda faifan sabar gwajin masu araha ne marasa sauri. Kowa na iya yin nasa lissafin. Gigabayit 100 a kan layin intanet mai megabit 10 a daƙiƙa zai ɗauki daƙiƙa 80,000, wato sama da sa'o'i 22, in har layin bai yanke ba, wuta ba ta ɗauke ba. Idan ma'aikata ba za ta iya jure rufewar yini guda ba, ajiyar da ke can nesa kaɗai ba ta wadatar da ita, tana bukatar wani kwafin a kusa. Ba a sanin wannan sai an kunna agogo lokacin gwaji an rubuta abin da ya nuna.

Na san abin da za a ce: manhajar ajiya tana nuna alamar kore, wasu ma suna tantance fayil ɗin da lissafin da ke nuna ko ya lalace, me ya sa za a ɓata yini? Wannan tantancewa tana da amfani, amma iyakarta ta tabbatar cewa fayil ɗin yana nan yadda aka rubuta shi. Ba ta san ko abin da aka rubuta shi ne abin da ake bukata ba, ba ta san ko akwai mai makullin buɗe shi ba, ba ta kuma san tsawon lokacin da maidowa zai ci ba. Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi shi ne na ƙananan ma'aikatu masu ma'aikacin kwamfuta ɗaya da aiki ya yi wa yawa, da kuma haɗarin barin bayanan jama'a a na'urar gwaji. Duka biyun gaskiya ne. Maganin na biyu shi ne a tsare na'urar gwaji kamar ta gaske, a kuma share kwafin da zarar an gama. Na farkon kuwa, layukan nan uku ana iya sa su gudana da kansu kowane dare, a bar wa mutum cikakken gwaji sau ɗaya a wata uku, da kuma duk lokacin da aka sabunta rumbun ko aka koma wata saba, tunda irin wannan sauyi ne ke haifar da saɓanin da ya kayar da pg_dump na GitLab.

A kuma juya tsarin gargaɗin. Maimakon a jira saƙon gazawa, a sa gwajin ya aiko da shaidar nasara kowace safiya, ƙararrawa ta tashi idan shaidar ba ta iso ba. Da haka shiru ya daina zama labari mai daɗi.

Abin da na fi so shugabanni su ɗauka shi ne batun suna. A rubuta sunan mutum ɗaya da ranar gwaji, kuma kada ya zama wanda ya gina tsarin ajiyar. Mai ginin yana ɗauke da rabin matakan a kansa, zai cike giɓin takarda ba tare da ya lura ba, ranar bala'i kuma yana iya kasancewa a hanya ko ya bar aikin. A miƙa wa abokin aikinsa takardar matakai, mai ginin ya zauna gefe ya kama bakinsa, duk inda abokin ya tsaya yana tambaya a gyara takardar a nan take. Takardar ita ma a buga ta a ajiye a wajen sabar da take bayani a kai. A taron wata kuma, maimakon shugaba ya tambaya ko ana yin ajiya, ya tambayi ranar da aka yi maidowa ta ƙarshe, wanda ya yi ta, da sa'o'in da ta ɗauka.